Kun ce SSD kuka ba mu, ga etcd yana jiran faifai har kwatan sakan

Raina a ɓace yake da kamfanin da muke hayar injinan saba a wajensu a nan Kaduna, kuma ba zan ɓoye ba. Muna biyansu duk wata ba fashi. A takardar yarjejeniya sun rubuta SSD ƙarara. Amma makonni muka kwashe Kubernetes ɗinmu, tsarin da ke tafiyar da manhajarmu a kan injinan, yana jan ƙafa, kuma duk lokacin da muka kira sai a ce mana: "Injiniya, komai lafiya lau a wajenmu, ku duba manhajarku."

Manhajar biyan kuɗin makaranta muke gudanarwa, makarantu daga Kawo har Barnawa suna amfani da ita. Farkon zango shi ne lokacin da iyaye ke tururuwar biya, kuma a daidai lokacin abin ya tsananta. Ka buga kubectl apply, ka zauna kana kallon allo, can sai ya dawo da etcdserver: request timed out. Wani lokacin etcdserver: leader changed. Manhajar da ke kan aiki ba ta faɗi ba, amma mun kasa ƙara mata ƙarfi a lokacin cunkoso, mun kasa tura gyara, shugabannin makarantu kuwa mu suke kira, ba kamfanin ba. Abin da ya fi rikitar da mu shi ne injinan ba sa nuna wata gajiya: ƙwaƙwalwa da saura, na'urar sarrafawa ko rabi ba ta kai ba, layin sadarwa tsakaninsu lafiya.

Ga abin da masu karɓar kiranmu ba su fahimta ba, ko suka ƙi fahimta. Duk wani canji a Kubernetes, babba ko ƙarami, sai kube-apiserver ya rubuta shi a etcd, ma'ajiyar bayanan Kubernetes ɗin. Shi kuma etcd ba ya cewa "na karɓa" sai ya rubuta canjin a kundinsa na WAL, ya kira fdatasync, ya jira faifai ya tabbatar cewa rubutun ya zauna daram ko da wuta ta ɗauke. Namu etcd uku ne, jagora ɗaya da mabiya biyu, kuma ba jagora kaɗai ake jira ba: a tsarin Raft sai mafi rinjaye sun rubuta, wato biyu cikin uku a irin namu. To idan faifan suna jinkirin amsawa, kowane rubutu sai ya bi layi. Kuma rubutun ba ya yankewa, domin kowane kubelet yana sabunta shaidar cewa yana raye duk bayan sakan 10, ban da sauran abubuwan da ke shigowa.

Daga nan matsalar ke haihuwa. Jagoran etcd yana aika wa mabiyansa alamar rai duk milisakan 100. Idan suka yi kusan milisakan 1000 ba su ji shi ba, sai su kira sabon zaɓe. Jagoran da faifai ya riƙe yana makara, sai a tuɓe shi, kuma muddin ana zaɓe babu rubutun da ke wucewa. Sama da shi kuma kube-controller-manager da kube-scheduler suna da nasu wa'adin: idan suka kasa sabunta hayar shugabancinsu cikin sakan 10, sai su sauka su sake tashi. Abin da muka riƙa gani ke nan, suna mutuwa suna tashi, har mutum ya ɗauka su ne marasa lafiyar, alhali su ma jira ya kashe su.

Kuma fa etcd bai ɓoye komai ba. Log ɗinsa cike yake da apply request took too long, wanda yake rubutawa idan buƙata ta wuce milisakan 100. Akwai ma layin da ya ambaci mai laifin da sunansa: leader is overloaded likely from slow disk. Muka duba ma'auninsa a Prometheus:

```
histogram_quantile(0.99,
  rate(etcd_disk_wal_fsync_duration_seconds_bucket[5m]))
```

Ƙa'idar da aka sani ita ce kashi 99 cikin ɗari na waɗannan rubuce-rubuce su kammala ƙasa da milisakan 10. Namu da rana yana yawo wajen 250, da dare kuma yakan haura sakan guda. A daidai waɗannan sa'o'in ne etcd_server_leader_changes_seen_total ke hawa. Muka ɗauki hotunan allo muka tura musu.

Kun san me suka maido mana? Sakamakon dd. Sun rubuta ƙaton fayil, ya nuna ɗaruruwan megabait a sakan, suka ce ga shaida faifansu na gudu. Haba jama'a! Wannan amsar ce ta fi ƙona mini rai, domin ta nuna mai sayar da kayan bai san abin da ake saya a wajensa ba. Tirela tana iya kai buhu ɗari shida Kano a sawu ɗaya, amma etcd ɗan aike ne mai kai takarda guda, ya tsaya a sa hannu, sannan ya dawo ya ɗauki ta gaba. Abin da ya dame shi shi ne daɗewar kowane sawu. Ga shi dd ɗin nasu ma ba su sa shi ya tilasta wa faifai ba, rubutun a ƙwaƙwalwar inji ya fara sauka. Gwajin da ya yi kama da aikin etcd shi ne wannan, a kan faifan da ke ɗauke da /var/lib/etcd:

```
mkdir -p test-data
fio --rw=write --ioengine=sync --fdatasync=1 \
  --directory=test-data --size=22m --bs=2300 --name=etcd
```

Yana rubuta ƙananan gutsattsari na bait 2300, yana jiran tabbaci bayan kowanne. Layin 99.00th na sashen fdatasync ake dubawa, kuma namu ya yi daidai da abin da Prometheus ya nuna.

Sai da muka kai wannan har ofishinsu sannan wani ma'aikacinsu, Allah ya saka masa, ya faɗa mana gaskiya. SSD ɗin akwai shi, amma ba a jikin injinanmu yake ba. Rumbun ajiya ne guda da ake kaiwa gare shi ta layin sadarwa, kwastomomi da yawa suna kansa, kuma da dare a kansa ake kwafe bayanan kowa don ajiya. Mafi muni, duka etcd ɗinmu uku a rumbun ɗaya suke. Mun biya kuɗin inji uku ne domin idan ɗaya ya samu matsala biyu su riƙe aiki. Ashe idan rumbun ya cushe, ukun tare suke cushewa. Wannan bayani ai ranar farko ya kamata mu ji shi, kafin mu sa hannu.

Shawarar da suka ba mu ita ce mu ɗaga --election-timeout. Lallai hakan zai rage yawan zaɓe, amma ko milisakan ɗaya ba zai rage daga jiran faifai ba, kuma ranar da jagora ya mutu da gaske za mu fi daɗewa babu jagora. Shi ma ionice da wani ya ambata, yana taimakawa ne idan masu rububin faifan a injinka suke. Ba shi da iko a kan maƙwabcin da ke can wani inji yana danne rumbu ɗaya da kai.

Don haka abin da muke nema a fili yake. Kowane etcd ya samu nasa faifan SSD a jikin injin da yake kai, injinan uku kuma su zama daban da juna, kada a haɗa faifan da wani aiki. A rubuta milisakan 10 ɗin nan a cikin yarjejeniya, da gwajin fio a matsayin alƙali. Kuɗin makonnin da muka biya muna shan zagin iyaye a kan laifin da ba namu ba kuma a cire shi daga lissafin wata mai zuwa. Idan ba za su iya ba, su faɗa mana kafin a koma zango na gaba, mu kwashe kayanmu.