Ga lauyan da bai gaji lauyanci ba: ubangidanka shi ne mai duba aikinka

Na karanta amsoshin da aka ba wani matashin lauya da ya yi kuka jiya cewa shekara biyu ke nan da rantsar da shi amma har yanzu bai san inda ya dosa ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya ce mahaifinsa manomi ne, duk zuriyarsu babu wanda ya taɓa sa baƙar riga ya tsaya gaban alƙali, sai aka taru ana ce masa ya nemi wani babban lauya mai lambar SAN, wato lambar girma ta manyan lauyoyin Najeriya, ya liƙe masa, ya riƙa kai gaisuwar Juma'a da ta salla har Allah ya sa a tuna da shi. Wannan shawara ɓata masa lokaci za ta yi, domin hanyar neman alfarma aka nuna masa, alhali abin da ya rasa shi ne wanda zai koya masa aiki.

Ubangida a wannan sana'a shi ne wanda yake karanta takardar da ka rubuta kafin ta je kotu, ya ja layi a inda ka kauce, ya gaya maka dalili. Wanda bai taɓa ganin rubutunka ba, komai girman sunansa da yawan motocin da ke ƙofar gidansa, ba ubangidanka ba ne, sani kawai kuka yi. Ɗan da ya tashi a gidan lauya yana samun wannan gyara a bakin tabarmar cin abinci ba tare da ya san ana koya masa ba. Yana jin ana maganar wa'adi, da halin alƙalai, da yadda ake karɓar kuɗin aiki tun yana makarantar sakandare. Mu da ba mu gada ba, shekara biyar a jami'a da shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, ko a Bagauda ko a Bwari ko a Yola, sun ba mu dokar da ke cikin littafi, amma ba su ba mu wannan ba.

Ni ɗan tela ne, kuma zan faɗi abin da ya same ni domin a gane abin da nake nufi. A shekarata ta biyu, Babbar Kotu ta yanke hukunci a kan wani roƙo da muka shigar a tsakiyar shari'ar fili, hukuncin bai yi mana daɗi ba, wanda nake karewa kuma ya ce mu ɗaukaka ƙara. Na zauna da kwanciyar hankali ina lissafin wata uku, domin abin da ya zauna mini a ka ke nan. A rana ta ashirin na kai daftarin takardar ɗaukaka ƙarar wurin wani lauya da ya girme ni da shekara tara a aiki, wanda ofishinsa ɗaki biyu ne a saman wani shagon sayar da taya. Bai kai ƙarshen shafin farko ba ya ɗago kai ya ce, "Barista, wannan hukuncin ya ƙare shari'ar ne, ko kuwa har yanzu kuna gaban alƙalin?" Na ce muna gabansa, ranka ya daɗe. Ya ce to ai kwana goma sha huɗu gare ka, kuma sun wuce.

Ya ɗauko dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya buɗe mini sashe na 24, inda aka bambanta tsakanin hukuncin ƙarshe mai wa'adin wata uku da hukuncin tsakiyar shari'a mai wa'adin kwana 14. Sannan ya nuna mini cewa dalilan da na rubuta sun haɗa batun doka da batun hujjojin da aka gabatar, saboda haka ko da ina cikin wa'adi sai na nemi izinin kotu tukuna. Tun da kuma wa'adin ya wuce, dole in je Kotun Ɗaukaka Ƙara da roƙo uku a takarda ɗaya: a ƙara mini lokacin neman izini, a ba ni izinin, a kuma ƙara mini lokacin shigar da ƙarar. Ya ce idan na bar ɗaya daga cikin ukun za a yi watsi da roƙon gaba ɗaya, kuma a takardar rantsuwa in faɗi gaskiya cewa kuskuren lauya ne, kada in ƙirƙiro rashin lafiyar da ba a yi ba. Duk wannan bai ɗauke shi minti arba'in ba. Da a ce Juma'ar nan na tafi gaisuwa gidan wani babba, da shayi zan sha in dawo da kuskurena a cikin jaka.

Shi ya sa nake cewa a nemi wanda ya riga ka da shekara bakwai zuwa goma sha biyu, wanda har yanzu da hannunsa yake rubuta takardunsa, yake kuma zuwa rajistar kotu da ƙafarsa. Shi bai manta da abin da ke rikita sabon shiga ba, kuma yana da lokacin da zai karanta shafi huɗu. Hanyar gano shi ba ta da wuya. Ka zauna a kotu bayan an ɗage shari'arka maimakon ka fita, ka lura da wanda alƙali yake saurara ba tare da katse shi ba, wanda fayil ɗinsa yake a tsare, wanda ba ya neman a ɗage zama da dalilin banza. Ka tambayi ma'aikatan rajista wane ne takardunsa ba sa dawowa don gyara, domin su sun fi kowa sani. Ka kuma je taron wata-wata na reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA na garinku, ka zauna har a tashi.

Idan ka same shi, kada ka je ka ce masa ya zama ubangidanka, domin wannan kalma nauyi ce da ba ta da iyaka, kuma mai hankali zai yi tunanin aiki ko kuɗi kake nema. Ka je da tambaya guda ɗaya da takarda a hannu, bayan ka riga ka yi naka binciken, ka ce ga abin da na fahimta, ga inda na tsaya. Sannan, kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa, ka koma bayan mako biyu ka gaya masa abin da ya faru da shawarar da ya ba ka, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. Wanda ya ga gyaransa ya zauna a rubutunka na gaba zai sake buɗe maka ƙofa da kansa. Sai dai akwai iyaka da ba a ƙetarewa: kafin ka buɗe fayil ka tabbatar shi ko ofishinsa ba sa tare da ɗaya ɓangaren, kuma ka rufe sunayen mutane da duk abin da zai tona sirrin wanda kake karewa, domin amanar tana wuyanka ko da neman ilimi ya kai ka.

Na ga masu cewa a ƙasar nan sai da hanya, kuma babba ne kaɗai zai ɗaga ka. Ban musa cewa suna yana buɗe ƙofa ba, amma wanda aka buɗe wa ƙofa bai iya aiki ba, shari'a ɗaya ta isa ta tona shi. Wasu kuma sun ce ai maigidan ofishin da kake aiki shi ne ubangidanka. Wani lokaci haka ne, wani lokaci kuwa ba haka ba ne, kuma ana ganewa. Idan ka shekara biyu aikinka ɗaukar jaka da karɓo ranar da aka ɗage zama, ba a taɓa barinka ka yi wa shaida tambayoyi ba, ba a ambatar sunanka a gaban alƙali idan kun je tare, takardar da ka rubuta kuma ana sa mata hannu ko a yaga ta ba tare da an ce maka uffan ba, to albashi kake karɓa kawai, sai ka nemi mai duba aikinka a wani wurin ba tare da ka ɓata da kowa ba.

Maganar ambatar suna ba ƙaramar magana ba ce, kuma a nan ne amfanin ubangida na dogon zango yake fitowa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce sai lauya ya shekara 10 kafin a naɗa shi alƙalin Babbar Kotu, 12 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 kafin Kotun Ƙoli. Lambar SAN ma, a dokar lauyoyi, sai bayan shekara 10. Abin da ba a gaya wa ɗan manomi shi ne cewa ranar da zai nema, takardu za a tambaye shi: kwafin hukunce-hukuncen da sunansa ya fito a ciki, da rasit na kuɗin izinin aiki na shekarun baya, wanda ake biya kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara. Mutumin nan na saman shagon taya shi ya sa ni sayen babban fayil tun a lokacin, ya ce duk hukuncin da aka yanke da sunana in karɓi kwafin da kotu ta buga wa hatimi kafin wata ya fita, domin bayan shekara takwas neman fayil a ɗakin ajiyar kotu wahala ce babba. Shi ne kuma ya zaunar da ni ranar da kuɗin diyyar wani ya fara shigowa hannuna, ya ce in buɗe asusu dabam na kuɗin waɗanda nake wa aiki, kuma ko kawuna ne ya zo da maganar rance na kwana uku kada in taɓa, domin kwamitin ladabtar da lauyoyi yana soke sunan mutum a kan irin wannan. A gidanmu babu wanda zai gaya mini haka, ba don ba sa ƙaunata ba, sai don a wurinsu kuɗin da ke hannun ɗa kuɗin gida ne.

Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai tun jiya. A cikin duk masu ba da shawarar zuwa gaisuwa babu wanda ya tuna da 'yan'uwanmu mata. Matashiyar lauya ba za ta iya zuwa zauren wani bayan sallar isha'i ta zauna hira ba tare da an yi magana a kanta ba, kuma yawancin koyarwar da ake yi a wannan sana'a a irin wannan zama ake yin ta. Mai shari'a Aloma Mukhtar ta fito daga Arewa ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 2012 zuwa 2014, saboda haka babu mai cewa matanmu ba za su iya ba. Abin da nake roƙon abokan aikina da suka haura shekara goma shi ne su mayar da duba takardun ƙanana cikin lokacin aiki, a ofis, ƙofa a buɗe, ko a harabar kotu bayan an tashi, yadda mace da namiji za su iya zuwa daidai. Ni na ware yammacin Alhamis daga bayan la'asar, kuma wanda zai zo ya taho da takardarsa a buge, da biro ja.