Ba kowace ɓarna ce kuɗi ke gyarawa ba

Ina da ra'ayi a kan wani sashe na dokar Ingila da muka gada a Nijeriya, wanda ake kira ikwiti, kuma ina so in kare shi da shari'ar wata tsohuwa da aka hana fam 5 a mako.

A 1962 wani tsoho mai sayar da kwal a Ingila, Peter Beswick, ya ga ƙarfinsa ya ƙare, sai ya miƙa wa ɗan ɗan'uwansa, John, sana'ar baki ɗaya. Suka rubuta yarjejeniya: John zai riƙa ba shi fam 6 da sule 10 kowane mako muddin yana raye, in ya mutu kuma ya riƙa ba matarsa fam 5 a mako. Tsoho ya rasu a 1963. John ya biya matar sau ɗaya tak, daga nan ya ɗauke kai.

To, a dubi yadda dokar gama-gari ta Ingila, wato wadda alƙalan sarki suka gina hukunci bisa hukunci, ta tsare wa matar nan hanya ta kowane gefe. In ta shigar da ƙara da sunanta, za a ce ba da ita aka ƙulla yarjejeniyar ba, don haka ba ta da bakin magana. In ta shigar a matsayin mai kula da abin da mijinta ya bari, tana da bakin magana, amma abin da wannan doka ta sani shi ne diyya, ita kuwa diyya ana auna ta da asarar wanda aka yi wa alkawari. Wace asara dukiyar mamacin ta yi? Babu, tunda kuɗin ba aljihunsa za su shiga ba. Sai a ba ta ɗan abin da bai kai ya kawo ba, John ya riƙe sana'a a banza. A 1967 Majalisar Iyayen Ƙasa, wadda ita ce kotun ƙoli ta Birtaniya a lokacin, ta ƙi yarda da haka. Ta ce tunda diyya ba za ta wadatar ba, a matsayinta na mai kula da dukiyar mijinta tana iya neman a tilasta wa John ya cika alkawarin kamar yadda ya ɗauka. Aka umarce shi ya biya bashin baya, ya kuma ci gaba da biya.

Wannan umarnin cika alkawari ba daga dokar gama-gari ya fito ba. Daga abin da lauyoyi ke kira ikwiti ya fito, kuma asalinsa koke ne. A da, ba ka shiga kotun sarki a Ingila sai da takardar sammaci da ta dace da irin ƙararka, kuma bayan 1258 aka taƙaita ƙirƙiro sababbi. In damuwarka ba ta shiga ko ɗaya ba, ka sha. Ga kuma tsaurin hujja: wanda ya ci bashi da takarda mai hatimi, ya biya, amma bai karɓi takardar ya soke ta ba, ana iya sa shi ya sake biya, domin kotu hatimi take gani. Mutane suka riƙa kai kuka wurin sarki, sarki yana tura su ga wani babban jami'insa da ake kira Cansala, wanda galibi a lokacin babban malamin coci ne. A hankali ofishinsa ya zama kotu mai zaman kanta.

Bambancin da na fi so a riƙe shi ne yadda kowace kotu ke zartar da hukuncinta. Kotun dokar gama-gari dukiyarka take bi: a kama kayanka a sayar a biya mai ƙara. Shi ya sa kusan komai a wurinta yake komawa lissafin kuɗi. Cansala kuwa kai kanka yake kira, ya rantsar da kai, ya yi maka tambayoyi, sannan ya ce yi kaza ko bar kaza. In ka ƙi, ka raina kotu, sai kurkuku. Wanda ke da wannan iko ne kaɗai zai iya cewa mutum ya sa hannu a takardar gida, ko ya daina sare itatuwan gonar da ake jayayya a kanta. Daga nan umarnin hani ya samo tushe, kuma amfaninsa a fili yake: diyya sai bayan an yi ɓarna, hani kuwa yana tare ta tun ba a yi ba.

Kotunan biyu sun yi karo, har a 1616 Sarki James na Ɗaya ya goyi bayan Cansala Ellesmere a kan babban alƙali Edward Coke. Dokokin 1873 zuwa 1875 suka haɗe kotunan, suka ce inda aka sami saɓani ikwiti ne ke rinjaye.

Masu sukar ikwiti suna cewa ya ba alƙali wuƙa da nama. Tsoronsu yana da tushe, amma ban yarda cewa haka abin yake ba, domin sharuɗɗansa suna da tsauri. Na farko, sai diyya ta gaza. In an ƙi kawo maka buhun shinkafa ɗari da ka saya, je kasuwa ka sayi wata, a biya ka bambancin farashi. Fili kuwa doka tana ɗaukar kowanne ba shi da na biyu, shi ya sa cinikin ƙasa da gida ne aka fi samun wannan umarni a kansu. Sannan wanda ya zo da ha'inci a hannunsa ba a sauraronsa, haka wanda ya yi barci a kan haƙƙinsa shekara da shekaru har abubuwa suka canja.

Kuma akwai inda kotu ke ja da baya ko da an saɓa alkawari ƙiri-ƙiri. A 1851 mawaƙiya Johanna Wagner ta yi yarjejeniya da Benjamin Lumley za ta yi waƙa wata uku a gidan wasansa a Landan, ba za ta yi a wani wuri ba. Wani mai gidan wasa ya ƙara mata kuɗi, ta sauya. A 1852 kotu ta ce ba za ta tilasta mata ta yi wa Lumley waƙa ba, domin ba a sa mutum aikin jiki dole, kuma babu alƙalin da zai iya auna ko ta yi da zuciya ɗaya. Amma ta hana ta yi wa wancan. A nan ina da ɗan ja: hanin da zai bar mutum ba hanyar cin abinci sai ya koma wurin wanda ya bari, tilas ne ta bayan gida, kuma kotunan da suka biyo baya sun gane haka, suna ƙin bayar da shi in zai kai ga hakan.

Abin ya shafe mu kai tsaye, domin kotunan Nijeriya sun karɓi dokar gama-gari da ƙa'idojin ikwiti tare. Inda na fi jin zafi shi ne odar da ake karɓowa ba tare da ɗaya ɓangaren yana nan ba. An tanade ta don gaggawa ta gaske, kamar a ce gobe da safe za a rushe gini, kuma ta 'yan kwanaki ce kafin a saurari kowa. Kotun Ƙoli ta fayyace haka a shari'ar Kotoye da Babban Bankin Nijeriya a 1989. Mai nemanta wajibi ne ya faɗi duk gaskiya, har wadda ba ta yi masa daɗi ba, ya kuma ɗauki alkawarin biyan asarar ɗaya ɓangaren in ta bayyana bai cancanta ba. Duk odar da ka ga an bayar a bayan idon mutum, ba gaggawa, ba wa'adi, ba wannan alkawari, to lauyansa yana da cikakken dalilin komawa gaban alƙalin ya nemi a janye ta.