Ƙwallon ba ta san abin da ya faru jiya ba

'Yan'uwana matasa, akwai maganganu guda biyu da nake yawan ji daga bakin masu zuba kuɗi a cacar wasanni, kuma ina roƙonku ku saurare su tare, domin idan aka jera su ne ake gane inda cutar take. Idan ƙungiya ta sha kashi sau uku a jere, sai ka ji mutum ya ce ai yau lokacinta ya yi, ba zai yiwu ta fāɗi sau huɗu ba. Idan kuwa ta ci wasa uku a jere, mutumin nan dai shi ne zai ce ai tana kan ganiyarta, babu mai tare ta. Jerin rashin nasara ya zama hujjar zuba kuɗi, jerin nasara ma ya zama hujjar zuba kuɗi, kuma abin da ke tayar mini da hankali shi ne mai maganar ba ya jin cewa ya saɓa wa kansa.

Magana ta farko tsohuwar cuta ce da ta daɗe tana cin dukiyar mutane. A ranar 18 ga Agusta, 1913, a gidan caca na Monte Carlo da ke ƙasar Monaco, ƙwallon rulet ta faɗa kan baƙi sau 26 a jere. Shi rulet faifai ne mai gurabe 37, goma sha takwas ja, goma sha takwas baƙi, ɗaya kore. Tun da jerin ya fara tsawo mutane suka yi ca a kan teburin suna zuba wa ja kuɗi, kowa yana ganin dole a wannan karon ta juya, har suka yi asarar miliyoyin faran. Abin da suka kasa karɓa shi ne a juyi na 27 damar fitowar ja ba ta ƙaru ko da ƙwayar zarra ba, tana nan a 18 cikin 37 kamar yadda take a juyi na farko, saboda faifan ba shi da ƙwaƙwalwar da zai tuna abin da ya wuce, ba kuma wanda yake binsa bashi.

Inda hankali yake zamewa shi ne mun san cewa idan aka juya faifan sau dubbai, ja da baƙi za su zo kusan daidai, sai mu ɗauka akwai wani abu da ke rama wa wanda aka bari a baya. Babu ramuwa a ciki. Yawan juyin da ke zuwa daga baya ne kawai yake shanye wancan bambanci har ya zama bai taka kara ya karya ba. Masana halayyar ɗan Adam Amos Tversky da Daniel Kahneman sun bayyana wannan tun 1971, cewa mutane suna sa ran ɗan gajeren jeri ya yi kama da abin da sai a dogon jeri ake ganinsa.

Daga wannan tunani ne dabarar ninka kuɗi take fitowa, kuma ita ce na fi ji muku tsoro. Mutum ya zuba 100 ya fāɗi, sai ya zuba 200 don ya maido, sannan 400, sannan 800, yana cewa ai dole sau ɗaya ta zo. Idan ya fāɗi sau bakwai a jere, ya riga ya rasa 12,700, kuma zubi na takwas yana buƙatar 12,800, alhali ko a cacar da ke biyan ninki biyu cif ribar da zai tsira da ita idan ya ci 100 ce kacal. Fāɗuwa bakwai a jere kuwa ba abin mamaki ba ce, ko a jefa kwabo tana zuwa kusan sau ɗaya cikin 128. Na taɓa zama kusa da wani matashi da ya kai wannan matsayi. Hannunsa na rawa a kan waya, ya daina kallon wasan ma, yana ta laluben wanda zai ranta masa kafin a busa usur, yana maimaita cewa wannan karon ba za ta ƙi ba.

Magana ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta. Ƙungiyoyi sun bambanta a ƙarfi, kuma raunin ɗan wasa ko sauyin koci yana iya canza al'amari. Amma ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci, inda bugu ɗaya da ya daki turke ya shiga ko ya dawo yake raba nasara da kunnen doki, don haka wasa uku ba su isa su gaya maka ƙarfin ƙungiya ba. Zuciya tana fifita wasan da ido ya gani a makon jiya a kan wasanni talatin da suka gabace shi, don kawai shi ne sabo a rai. Ko da ma ganiyar ta gaske ce, kamfanin cacar ya ga wasannin nan uku kafin kai, ya kuma riga ya rage ninkin da zai biya a kan ƙungiyar.

A nan ya kamata kowa ya koyi lissafi ɗaya. Ka raba 1 da ninkin da aka ba ka, za ka ga damar da kamfanin ya sa wa abin. Idan ɓangare biyu ƙarfinsu ɗaya ne, adalci shi ne a ba kowanne 2.00, amma sai ka ga an ba kowanne 1.90, wato kusan kashi 52.6 cikin ɗari kowanne, jimilla ta haura 105. Wannan rarar ita ce abincin kamfani, ma'ana a kan kowace 100 da ka zuba, kana barin 5 a matsakaici. Idan ka haɗa irin waɗannan wasanni goma a tikiti ɗaya, rarar tana hawa kan rara har asarar ta kai kusan 40 cikin 100, tun kafin a take leda.

Sai son ƙungiya, wanda shi ne yake zaɓa wa mutum wacce zai ɗauka cikin maganganun nan biyu. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Mai goyon baya yana tuna ranar da ƙungiyarsa ta farke ci biyu ta yi nasara, ya manta da ranakun da ta kasa, idan kuma ta fāɗi sai ya ɗora wa alƙalin wasa, don haka rashin nasarar ba ta taɓa shiga lissafinsa. Yana ganin ya fi kowa sanin ƙungiyar saboda ya san sunan kowane ɗan wasa, alhali duk abin da ya sani yana cikin ninkin da aka rubuta. Ban ce ku daina son ƙungiyarku ba, amma ku tambayi kanku sau nawa kuka taɓa yarda a zuci cewa yau za ta sha kashi. Idan amsar ita ce ba ku taɓa ba, to abin da kuke kira hasashe fata ne kawai.

Wanda yake ganin shi ya fi ƙarfin waɗannan kurakurai, ina ba shi shawara ya ajiye kuɗinsa a aljihu ya ɗauki littafi. Kafin kowane wasa ya rubuta zaɓinsa, da ninkin da aka bayar, da dalilinsa a jimla ɗaya, ya yi haka har wasa ɗari ba tare da ya goge ko ɗaya ba. Daga nan ya lissafa abin da zai rage masa da a ce ya zuba 100 a kowanne, sannan ya ja layi ƙarƙashin duk dalilin da ya fara da "ai lokacinsu ya yi", ko "ai suna kan ganiya", ko "ai namu ne", ya ƙirga su.