Kotu ba ta soke doka don ba ta yi mata daɗi ba

"Ta yaya alƙalan da ba wanda ya zaɓe su za su soke dokar da wakilan jama'a suka kafa?"

Wannan ita ce tambayar da masu ƙorafi kan ikon kotu na soke doka ke yi. Kuskuren yana cikin ɗaukar cewa alƙali na zaune yana tace dokoki yadda ya ga dama. A Amurka, inda shari'ar Marbury da Madison ta 1803 ta kafa wannan iko, kotun tarayya ba ta taɓa doka sai wani ya shigar da ƙara, ya kuma nuna cewa dokar ta cuce shi shi kansa. Wanda bai nuna haka ba, ana korar ƙararsa tun kafin a duba dokar.

Idan ƙarar ta tsaya, abin da ake aunawa ɗaya ne: shin dokar ta ci karo da kundin tsarin mulki? Kyanta ko muninta ba hurumin alƙali ba ne. Sau da yawa ma sashen da ya saɓa kawai ake cirewa, a bar sauran.

Masu ƙorafi dai suna da hujja mai nauyi, domin kalmomi irin su daidaito suna ɗaukar fassara fiye da ɗaya, kuma alƙalan Kotun Ƙoli tara ne, biyar sun isa yanke hukunci. Sai dai maganar alƙalan ba ita ce ta ƙarshe ba. A 1895 kotun ta soke harajin kuɗin shiga, aka gyara kundin a 1913, harajin ya dawo. Gyaran ne ke da wuya: sai kashi biyu bisa uku na kowace ɗaya daga majalisun tarayya biyu da kashi uku bisa huɗu na jihohi sun amince.