Kwaskwarimar kasafin kuɗi: a nuna mana dalili kafin a nemi sa hannu

Duk lokacin da gwamnati ta aika wa majalisa takardar gyaran kasafi a tsakiyar shekara, sai ka ji ana cewa ai tun farko ba su iya lissafi ba. Ni ban yarda da wannan ba. Kasafi hasashe ne, kuma hasashe yakan saɓa. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake rubuta takardar, da kuma lokacin da ake kai ta.

Mu ɗauki shekarar 2020. A watan Disamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kasafin naira tiriliyan 10.59, wanda aka gina kan ginshiƙai uku: gangar ɗanyen mai a dala 57, haƙo ganga miliyan 2.18 a kullum, da canjin dala kan naira 305. Kafin ƙarshen watan Afrilu annobar korona ta rusa su duka. Farashi ya faɗi, ƙungiyar OPEC da ƙawayenta suka rage wa kowa abin da zai haƙo, Babban Banki kuma ya karya darajar naira. Kasafin da aka gyara, wanda aka sa wa hannu ranar 10 ga Yuli, ya koma dala 28, ganga miliyan 1.8, da naira 360.

A nan ne ya kamata mai karatu ya ɗauki alƙalami. A lissafin farko, man da za a haƙo a rana guda ya kai kimanin dala miliyan 124. A na biyu bai wuce miliyan 50 da 'yan kai ba. Wato kusan kashi 60 cikin 100 ya tafi. Amma da an juya shi zuwa naira, sai ka ga daga biliyan 38 ya dawo biliyan 18, asarar da ba ta wuce kashi 52 ba. Ba wani ƙarin mai aka sayar ba, faɗuwar naira ce ta rufe wani ɓangare na ramin a takarda. Wannan ma darajar man ce gaba ɗaya, kafin a cire kuɗin haƙowa da rabon kamfanoni da na jihohi da ƙananan hukumomi.

Shi ya sa nake ganin sashen bayanin dalilai shi ne zuciyar takardar. Bai isa a rubuta "saboda halin tattalin arziki" ba. Dole a ware: nawa farashi ya ci, nawa raguwar haƙowa ta ci, nawa canjin kuɗi ya ɓoye. Domin nairar da ta kumbura kuɗin shiga, ita ce kuma ta tsawwala biyan bashin waje da sayen magani da injinan da ake shigowa da su. Takardar da ta nuna ribar ta ɓoye tsadar, ta yaudari ɗan majalisar da zai kaɗa ƙuri'a.

Ga wani abin lura. Duk da wannan asara, jimillar kasafin ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi zuwa tiriliyan 10.81, giɓin da ke tsakanin kuɗin shiga da na kashewa ya fi ninki, aka cike shi da bashi, ciki har da dala biliyan 3.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. Ana iya kare wannan, tunda asibitoci na buƙatar kuɗi a lokacin annoba. Amma duk wanda ya nemi a amince masa da haka, wajibi ne ya jera abin da aka kashe zuwa ranar, kusa da abin da aka ware, kusa da sabon hasashe, layi bayan layi, har a ga wace hanya ko makaranta ce aka jingine.

Sai batun neman amincewa. Sashe na 81 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi a kai wa Majalisar Tarayya ƙarin kasafi idan abin da aka ware bai isa ba, sashe na 80 kuma ya hana taɓa asusun gwamnati sai da doka. Na 2020 ya bi wannan hanya, kuma a yaba masa. Amma mun ga akasinsa a bashin da gwamnati ta riƙa ci daga Babban Banki, har ya kai tiriliyan 22.7, majalisa ba ta amince da mayar da shi bashi na dogon zango ba sai a Mayun 2023, bayan an gama kashewa. Aikin gama ya gama, me ya rage wa majalisa?

Don haka idan gwamnanku ya kai kwaskwarimar kasafi majalisar jiha, kuma aka amince da ita a zama ɗaya, ku tambayi wakilinku: nawa ne cikin kuɗin nan aka riga aka kashe kafin takardar ta iso teburinsa?