Hoton bango na jawo mai kallo, daƙiƙun farko ke riƙe shi

Da yawa daga cikin matasan Kaduna masu tashoshi a YouTube sun ɗauka cewa aiki ya ƙare da zarar an danna bidiyonsu, shi ya sa ake ta ganin hotunan bango, wato ƙananan hotunan da ake gani kafin a danna bidiyo, masu ɗauke da gawa ko gobarar da babu su a cikin bidiyon. Ni dai ina ganin wannan dabara tashar take cutarwa, kuma lissafi ya nuna haka.

Alƙalumman da YouTube Studio, wato shafin da mai tasha ke duba lissafin bidiyoyinsa, ke kira CTR suna nuna mutum nawa ne suka danna cikin kowane ɗari da aka nuna wa hoton, kuma kamfanin ya ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna tsakanin kashi 2 zuwa 10. Sai dai tun 2012 kamfanin ya fifita tsawon lokacin kallo a kan yawan dannawa wajen zaɓar abin da zai tallata wa jama'a.

A ɗauki misalin mai gyaran waya a Kasuwar Barci da ya saki bidiyo biyu, kowanne aka nuna hotonsa sau 10,000. A na farko ya rubuta "Wayarka za ta fashe yau", mutum 1,000 suka danna, suka tarar da doguwar gaisuwa da roƙon a bi tasha, suka fice bayan daƙiƙa 20. Jimillar kallon ba ta kai awa 6 ba. A na biyu ya sa hoton batirin da ya kumbura, ya kuma buɗe bidiyon da wannan batirin a hannunsa yana bayanin dalili. Mutum 500 kacal suka danna, amma kowanne ya yi minti 4, wato sama da awa 33. Na biyun ne ya fi cancantar a ci gaba da nuna wa sababbin mutane, duk da cewa rabin dannawar na farko ya samu.

Mai tasha zai iya gane ciwon da kansa. Idan CTR ya yi sama amma layin da ke nuna ci gaba da kallo ya rikito kafin daƙiƙa 30, to hoton ya yi alƙawarin da farkon bidiyon bai cika ba. Sallama al'adarmu ce kuma ba na cewa a bar ta, amma numfashi ɗaya ya ishe ta, domin wanda ke kashe kuɗin datarsa ba zai jira a gaishe da kowa da kowa ba.

Ɓarnar ba ta tsaya a bidiyo ɗaya ba, saboda wanda aka yaudara jiya zai wuce hoton tashar gobe ko da gaskiya aka faɗa. Dokokin YouTube kuma sun haramta hoton bango na yaudara, ana iya cire shi, kuma tashar da ta tara hukuncin saɓa doka sau 3 cikin kwana 90 ana iya rufe ta gaba ɗaya.