Jan Layin Nan Ba Ya Ganin Komai

Wallahi abin nan ya ishe ni. Jiya na zauna na rubuta wasiƙar neman aiki da Turanci, na duba sama da ƙasa babu jan layi ko ɗaya, wanda manhajar duba rubutu ke ja a ƙarƙashin kuskure, na tura abina hankali kwance, sai da dare ƙanwata ta karanta ta ce Yaya me ka rubuta nan? Ashe "I will be their by 9" na sa maimakon "there". Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ita manhajar duba rubutun nan ba ma'ana take bi ba fa, kalma take ɗauka ta leƙa ƙamus ɗinta, in ta same ta shikenan ta wuce. To "their" kalma ce sahihiya, wato nasu, "there" can, "they're" kuma "they are" ne aka gajarta, a kunne duk ɗaya suke. Da ma "thier" na rubuta da tuni ta kama ni, wato gara ka yi kuskuren banza da ka yi mai kyan gani, ka ji fa.

Yanzu sai dai in bi su da kaina, duk inda na ga "they're" in warware shi zuwa "they are" in ji ko jimlar ta zauna, "too" kuma da ke rikicewa da "to" in gwada "also" a wurinsa ko in ga ko yawa ake nufi. Wasiƙar dai ta riga ta tafi, har yanzu shiru ba su kira ba.